Allura yau, yanka gobe: kurakuran da na gaji da gani wajen masu kiwo

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, sai in ga abu ɗaya a Tike ta nan Gombe. Yaro ya turke raguna biyar ko shida, ɗaya ya fara majina, sai ya ruga shagon magani ya sayo kwalbar el-e, wato wata allurar antibayotik, ya danna masa, bayan kwana uku ya ja shi kasuwa. Na yi magana har bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba likitan dabbobi ba ne, makiyayi ne na cikin gari mai shanun tatsa kaɗan da turkar raguna, kuma yawancin abin da zan faɗa da aljihuna na koye shi.

Kowane maganin dabba yana da kwanakin da ake jira bayan an ba da shi kafin a ci nama ko a sha nono. Ni iddar magani nake ce wa kwanakin nan, don mutanenmu sun fi saurin ganewa. Dabba ta warke ba yana nufin magani ya fita daga jikinta ba. Hanta da ƙoda ne ke fitar da shi sannu a hankali, wani ta fitsari, wani ta kashi, wani kuma ta nono. Kwanakin suna rubuce a jikin kwalba, yawanci can ƙasa da ƙananan haruffa, na nama daban, na nono daban. Idan ba ka karanta Turanci, kada ka bar shagon sai mai maganin ya karanta maka ya nuna maka lambar da yatsa.

Bari in fara da wanda ya fi ƙona mini rai, wato na nono.

Wata damina saniyata bunaji ta fara ɗingishi, kofatonta ya kumbura. Na yi mata el-e da yamma, wato oksitetrasaikilin mai daɗewa a jiki. Washegari yaro ya tatse ta kamar kullum, ya juye nononta cikin na sauran shanu huɗu. Uwargida ta dafa, ta bari ya huce, ta zuba ɗan tsohon kindirmo a kai ta rufe. Da safe aka buɗe ƙwarya, madara tana nan tsululu kamar yadda aka zuba ta. Ta ce ko sanyi ne, ta ƙara irin, ta naɗe ƙwaryar da bargo. Kwana na biyu ma haka, sai wani kauri-kauri mai yauƙi da ba na kindirmo ba. Mai furar da ke karɓa a wajenmu ta jira kwana uku, a na huɗu ta koma wani gida, kuma ba ta dawo ba har yau. Har an fara zancen baki da maita. Wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana man shanu ce ta leƙa ƙwaryar ta dube ni ta ce, "Ɗana, wace saniya ka yi wa allura?" Kunya ta kama ni na ce, "Inna, ɗaya ce tak." Ta ce ai ɗayar ta isa.

Gaskiyarta kuwa. Abin da ke sa madara ta kama ta zama kindirmo ƙwayoyin halitta ne masu rai da ke cikin irin da ake zubawa. Antibayotik bai san ƙwaya mai amfani da mai cuta ba, duk kashewa yake ko ya hana su yaɗuwa. Nonon saniya ɗaya mai magani ya isa ya ɓata na garke duka idan aka haɗa. Kuma kada wani ya ce maka dafawa tana kashe maganin. Tana iya rage wani, amma ba ta gamawa da shi, ai madararmu dafaffiya ce ta ƙi kamawa. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, a kwanakin nan yarana sun sha wannan madarar da koko. Akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da wani antibayotik ɗin sam, kamar fenisilin, ɗan kaɗan ya isa ya fito musu da ƙuraje da kumburi. Kai da ka sayar da nonon ba ka san bakin wa zai shiga ba.

Ga yadda nake yi yanzu, ban ce dole kowa ya yi haka ba. Saniyar da aka yi wa allura ina ɗaura mata jan ƙyalle a ƙaho a take, tun sirinji yana hannuna, don wanda zai yi tatsar safe ba lallai ni ba ne. Ita ake tatsa a ƙarshe, a wata roba daban da ba ta haɗuwa da ƙwaryar gida, a zubar da nonon. Ba a daina tatsar, don idan aka bari hantsa za ta cika ta jawo wani ciwon. El-e ɗin da na saba saya an rubuta kwana 7 na nono, ni kwana 9 nake yi. Akwai kamfanonin da suka rubuta a tasu kwalbar cewa kada ma a yi wa saniyar da ake shan nononta, don haka kwalbar da ke hannunka ita ce alƙali, ba abin da ka tuna na bara ba. Idan maganin ciwon hantsa ne da ake matsawa ta kan nono, to ko kai ɗaya aka sa wa, duka huɗun sun shiga idda. Wasu suna gwadawa da ɗan kofi su ga ko zai kama. Idan ya ƙi kamawa, shaida ce akwai magani. Idan ya kama kuma, ba shaida ba ce cewa babu.

Na biyu, rago.

Saura kwana goma Sallah, wani rago balami da na fi ji da shi ya daina cin dusa. Nauyinsa bai wuce kilo 50 ba. El-e mai kashi 20 cikin 100, ƙa'idarsa mil 1 ga kowane kilo 10, ke nan mil 5 ne rabonsa. Ni da gaggawa da son ya miƙe kafin kasuwa, na zuƙo mil 10 na zuba masa a cinya wuri guda. Ya miƙe kuwa, na sayar wa wani maƙwabci da muke sallah a masallaci ɗaya. Ranar Sallah da la'asar sai ga shi da cinya a faranti. Da mahauci ya tsaga, wurin allurar ya yi ruwan ɗorawa mai duhu kamar faɗin tafin hannu, naman ya saki, warin magani yana tashi. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, layyar tawa ke nan?" Na mayar masa da wani abu daga kuɗin, amma an fi shekara gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Laifi uku na yi a allura ɗaya. Na ninka magani, kuma kwanakin da ke jikin kwalba an lissafa su ne a kan ƙa'ida, idan ka ninka sun tashi daga aiki. Na zuba shi wuri guda, alhali tunkiya ba a wuce mil 5 a waje ɗaya. Sannan na zaɓi cinya, inda nama mai tsada yake, maimakon tsokar wuya. A kan duk wannan, iddar naman el-e takan kama daga kwana 21 zuwa 28, wasu kwalaben ma sun fi haka, ni kuwa kwana goma na ba shi. Yanke wurin da ya ɓaci a jefar ba ya wanke sauran, don hanta da ƙoda ne suka fi riƙe magani, su ne kuma ake fara gasa wa yara ranar Sallah.

To ku samarin turka, ku saurara. Wanda ya ce muku el-e yana sa ƙiba ya cuce ku. Wata da rabi kafin Sallah nake gama duk wata allura da maganin tsutsa. Ragon da ya kwanta bayan nan zan yi masa magani, amma ya fita daga layin Sallah ke nan, sai masu suna ko biki daga baya. In kuma dole ta sa zan sayar, zan faɗa wa mai saye ranar da aka yi allurar, ya rage kuɗi in ya so. Haka dabbar da aka yi kwana uku ana ɗura mata magani, da aka ga za ta tafi sai a kira mahauci a sa wuƙa. An tsere wa mushe, amma wannan naman shi ne ya fi kowanne cika da magani.

Lissafin kwanakin ma ana kuskurensa. Daga allurar ƙarshe ake ƙirgawa, ba ta farko ba. A ce ka fara haɗin fenisilin da sitireftomaisin ranar Litinin, kullum sau ɗaya har kwana uku. Ta ƙarshe Laraba ce, Alhamis ita ce rana ta ɗaya. Idan ka ƙara wata allurar ranar Asabar, lissafi ya koma farko. In magani biyu ka haɗa, mai dogon wa'adi za ka bi. Ni da gawayi nake rubutawa a bangon garke: sunan dabba, maganin, ranar da za ta fita.

Akwai kuma kishiyar ninkawa, wato ƙwauron magani. Mil 10 ga kowace saniya, babba da ƙarama, saboda sirinjin mil 10 ne. Ka sa tef ɗin tela ka auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, da tsawo daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, da santimita. Ka ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Saniya mai zagaye 150 da tsawo 130 ta kai kusan kilo 270, rabonta mil 27 ne na el-e, a raba gefen wuya biyu ko wuri uku. Mil 10 ba zai kashe cutar ba, zai dai koya mata jure maganin. Haka ma tsayar da allurar kwana uku a rana ta farko don dabba ta fara ci. Shi ya sa kake jin mutane suna cewa maganin yanzu ba shi da ƙarfi.

Sauran a taƙaice. Ciwon baki da kofato da kuma annobar nan ta awaki mai zawo da majina, bairos ne ke kawo su, antibayotik ba ya kashe shi, rigakafi ne maganinsu, ku nemi ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukumarku. Aibamektin maganin tsutsa ne, ba antibayotik ba, amma iddar namansa tana da tsawo, a wasu kwalaben ta wuce wata guda, kuma allurarsa ba ta saniyar tatsa ba ce. Kafson mutane da ake fasawa a ruwan kaji ba shi da lissafin idda ko ɗaya, kuloramfenikol ma an hana shi gaba ɗaya a dabbar da za a ci. Kajin ƙwai kuwa gwaiduwa tana ɗaukar kwanaki tana haɗuwa a cikinsu, don haka ƙwai yana ci gaba da fitowa da magani bayan an daina ba su. Kwalbar da babu lambar NAFDAC ko ta sha rana a tire a kasuwa, bar musu kayansu.

Ma'aunin zafi kuma bai kai kuɗin kwalbar el-e ɗaya ba. Zafin lafiyayyar saniya yana tsakanin 38 da 39 da ɗan ɗoriya, na tumaki da awaki wajen 39. Da safe nake aunawa kafin rana ta yi zafi. In ya haura 40 ina kiran likita. In bai haura ba, nakan fara duba baki da kashi da abin da ta ci jiya kafin in taɓa sirinji. Ragon nan balami, da na tuna daga baya, sabon buhun dusa na buɗe musu ranar da ya daina ci, kuma buhun ya sha ruwa a ƙasa.