Lissafin asarar ajiyar fam bayan karya darajarsa: inda ake yawan kuskurewa

Ranar 21 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Sudan ya mayar da farashin dala daga fam 55 zuwa fam 375. Har yau idan zancen ya taso a majalisar 'yan kasuwa, a Gadarif ne ko a Mai Wurno, ba a rasa wanda zai ce ajiyarsa ta faɗi da kusan kashi 600 cikin ɗari. Wannan ba ya yiwuwa. Kuɗi ba ya rasa fiye da kashi 100 na darajarsa, domin idan ya rasa 100 ɗin ya zama takarda kawai. Mai wannan magana ya lissafa tashin dala ne, ya ɗauka faɗuwar fam ce. Dala ta ƙaru da fam 320 a kan 55, wato kashi 582. Faɗuwar fam kuwa sai an juyo da lissafin: a raba tsohon farashi da sabo, abin da ya fito shi ne darajar da ta rage. Idan ka raba 55 da 375 za ka samu kusan 0.15. Kashi 15 ya rage, kashi 85 ya tafi.

Sai dai shi ma 85 ɗin ba asarar yawancin mutane ba ce, kuma a ganina nan ne babban kuskuren yake. Wa yake samun dala a fam 55 kafin wannan rana? Ɗan tireda ko mai sayar da dawa bai taɓa shiga banki ya fito da dala a wannan farashi ba. A kasuwar bayan fage yake saye, kuma a can dala ta riga ta kai wajejen 375 tun kafin sanarwar. Gwamnati ta biyo kasuwa ne a baya. Saboda haka wanda ya kwana da fam a akwati ranar 20 ga wata bai wayi gari da asarar kashi 85 ba. Asararsa ta faru ne a hankali cikin watannin da suka gabata, sanarwar tabbatar da ita kawai ta yi.

Mu ɗauki misali. A ce wani ɗan kasuwa yana tara kuɗin zuwa Umra shi da maiɗakinsa, ya yi zubi sau uku, kuma duk ranar da ya ajiye yakan rubuta farashin da 'yan canji suka faɗa masa. Zubin farko fam 200,000 ne, lokacin dala tana 100. Na biyu 250,000, dala tana 250. Na uku 300,000, dala tana 300. Jimilla fam 750,000.

Idan ya bi farashin gwamnati, zai raba 750,000 da 55 ya ga dala 13,636, sannan ya raba da 375 ya ga dala 2,000, ya dafe kai yana cewa ya yi asarar fiye da dala 11,000. Alhali bai taɓa mallakar abin da zai saya masa dala 13,000 ba. Gyaran shi ne ya bi kowane zubi da farashin ranarsa. Na farko ya kai dala 2,000 a ranar da aka ajiye shi, na biyu dala 1,000, na uku ma dala 1,000. Abin da ya zuba ke nan dala 4,000. A farashin 375 duka kuɗin sun koma dala 2,000. Rabi ya rasa, kashi 50. Asara ce mai ciwo, amma da tazara tsakaninta da 85.

Da ya ƙara dubawa zai ga asarar ba ta rabu daidai ba. Zubin farko ya koma dala 533, ya rasa kashi 73. Na uku ya koma dala 800, kashi 20 kaɗai ya rasa. Kuɗin da suka fi daɗewa a kwance su suka fi jin jiki. Wannan ne ya sa gajeriyar hanyar da wasu suke bi ba ta fitar da gaskiya, wato su haɗa farashin uku su raba uku. Za su samu kusan 217, su raba 750,000 da shi, su ce ajiyar ta kai dala 3,460 ko makamancin haka. Dala 500 da wani abu sun ɓace a lissafin, don an ɗauki zubin uku kamar nauyinsu ɗaya ne.

Akwai kuma masu tara kaso a kan kaso idan an karya kuɗin fiye da sau ɗaya. A 2018 farashin gwamnati ya tashi daga kusan fam 6.7 zuwa 18 a Janairu, kafin Oktoba ya ƙare ya kai 47.5. Matakin farko faɗuwar kashi 63 ce, daga 18 zuwa 47.5 kuma kashi 62. Wanda ya haɗa su zai samu 125, ya sake faɗawa abin da ba ya yiwuwa. Faɗuwa ta biyu ta ci ne daga ragowar da ta farko ta bari. Ka manta da matakan tsakiya, ka raba 6.7 da 47.5, za ka ga kashi 14 ya rage, 86 ya tafi.

Wani abin da ya kamata a kiyaye idan ana karɓar lissafi daga bakin dattawa: tun canjin kuɗi na 2007, da fam ɗaya sabo ya maye gurbin tsohon fam dubu, mutane da yawa suna kiran fam dubu ɗaya miliyan. Idan Baba ya ce ya ajiye miliyan ɗari biyu, ka tambaye shi na da ne ko na yanzu kafin ka taɓa kalkuleta.

To, da dala ma ya kamata a auna? Ya danganta da abin da aka tara kuɗin dominsa. Ga mai niyyar Umra awon ya dace, tunda riyal ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Dala a 375 na nufin riyal ɗaya fam 100, don haka fam 750,000 ɗinsa riyal 7,500 ne, maimakon 15,000 da zai samu da ya riƙa canzawa duk ranar zubi. Ya kuma tuna ya yi amfani da farashin da ɗan canji yake sayarwa, tunda shi mai saye ne.

Amma wanda ya tara don cefane, kuɗin makaranta ko sayen buloli, farashin kaya ne ma'auninsa, kuma kaya ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da dala. Sukari da magani da kayan gyaran mota da ake shigowa da su sukan bi ta da sauri, dawa da kuɗin haya kuma sukan ɗan jinkirta kafin su cim mata. A 2021 hauhawar farashi a Sudan ta haura kashi 300 a shekara. Kashi 300 na nufin kaya sun ninka sau huɗu, kuɗin da yake sayen buhu huɗu bara yanzu ɗaya yake saye, asarar kashi 75 ke nan. Idan ka san farashin buhun dawa a kasuwarku ranar da ka ajiye da kuma na yau, ya fi alƙaluman ƙasa baki ɗaya faɗa maka gaskiyar halin da kake ciki.

Idan kuɗin a asusun mudaraba suke a banki, sai a fara ƙara ribar kafin a raba. A ce ribar shekara kashi 20 ce: fam 100 sun zama 120, kayan fam 100 kuma sun zama 400. Raba 120 da 400, ka samu 0.3. Asarar ta sauko daga 75 zuwa 70. Ba a debe 20 daga 75 a ce saura 55.