Ɗigogi a cikin da'ira: inda lissafin π yake karkacewa da yadda ake gyara shi

Ɗaliban da nake yi wa darasin yamma a Tudun Wada, da waɗanda suke zuwa da aikin gida daga manyan makarantun Kaduna, kusan duk suna son wannan gwajin, domin a ido mai sauƙi ne. Ka zana murabba'i, ka zana da'ira a cikinsa tana taɓa dukkan gefunansa huɗu, ka watsa ɗigogi barkatai, ka ƙirga waɗanda suka faɗa cikin da'irar. Idan tazarar tsakiyar da'ira zuwa bakinta r ce, filin da'irar πr² ne, na murabba'in kuma 4r². Kenan kason ɗigogin da ya kamata su faɗa ciki shi ne π/4, wato kusan 785 a cikin kowane 1000. Sai ka raba na ciki da jimilla, ka ninka da 4, ka samu ƙiyasin π. Wannan salo shi ake kira Monte Carlo. Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka bunƙasa shi a Los Alamos daga 1946, don lissafin makamin nukiliya.

Abin da na lura da shi shi ne, in aka yi kuskure a wannan aiki, lambar da ta fito ita kanta takan nuna inda kuskuren yake. Amma sai mutum ya fara sanin iyakar kaucewar da ba laifi ba ce.

Tsammanin ganin 3.14 cif

Wannan ya fi kowanne yawa. Ɗalibi zai zo da 3.148, ransa a ɓace, ya ce: "Malam, abin nan ya ƙi." Sai in tambaye shi ɗigo nawa ya watsa. Dubu goma. To kenan 7,870 ne suka faɗa ciki, maimakon wajen 7,854 da ake sa rai. Bambancin ɗigo 16 a cikin 10,000 ba komai ba ne, aikinsa lafiya lau yake.

Ga ma'aunin. Idan ka watsa ɗigogi N, kaucewar da aka saba gani ita ce kusan 1.64/√N. Da ɗigo 100, kaucewar 0.16 ce. Da 10,000 ta koma 0.016, da miliyan ɗaya kuma 0.0016. Ninka wannan kaucewar sau biyu, ka samu tazarar da amsa za ta faɗa cikinta a kusan gwaji 95 cikin 100. Saboda haka mai ɗigo 10,000 ya sa ran ganin wani abu tsakanin 3.11 da 3.17. Duk abin da ya faɗo nan, karɓaɓɓe ne. Idan kuwa ya ga 2.83 ko 3.00 da wannan adadin ɗigo, to ba rashin sa'a ba ne, akwai abin da ya lalace, kuma ƙarin ɗigogi ba zai gyara shi ba.

A lura da nauyin wannan √N ɗin. Kafin ka ƙara lamba ɗaya tak ta gaskiya bayan aya, sai ka ninka ɗigoginka sau 100. Kafin kaucewar ta sauko zuwa 0.0001, kana bukatar ɗigo wajen miliyan 270. Archimedes, tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya killace π tsakanin 223/71 da 22/7 da siffa mai gefe 96, ba tare da na'ura ba. Shi ya sa ba na son a gabatar wa yara wannan gwaji a matsayin hanyar samo π. Amfaninsa shi ne koyon yadda ake auna abu da lambobin barkatai, a kan tambayar da muka riga muka san amsarta.

Wani abin da ake mantawa: da ɗigo 100 ba zai taɓa yiwuwa a samu 3.14 ba. Ɗigo 78 a ciki ya ba da 3.12, 79 ya ba da 3.16, babu komai a tsakani.

Daga nan ne wata mummunar ɗabi'a take ɓullowa. Mutum ya yi ta maimaita gwajin har sai 3.14 ta fito, sannan ya rubuta wannan kaɗai a rahoto. Ko ya zuba wa allo ido, da lambar ta gifta 3.1416 sai ya tsayar. Wannan ba awo ba ne, zaɓen amsa ne, kuma ya yiwu ne kawai don an san amsar tun farko. Yanke adadin ɗigoginka kafin ka fara, ka rubuta abin da ya fito tare da kaucewarsa. In ka maimaita sau da yawa, haɗa su duka ka ɗauki matsakaici. Sannan ka gwada da 3.14159, kada ka gwada da 22/7 da muka haddace a firamare, don 22/7 ta fi π da kusan 0.0013, kuma a ɗigo miliyan ɗaya wannan bambancin ya kusa kai girman kaucewar kanta.

Watsawar da ba ta game ko'ina ba

Duk lissafin ya rataya ne a kan sharaɗi guda: kowane gurbi a cikin murabba'in, har da lungunansa huɗu, ya kasance yana da damar samun ɗigo daidai da kowane gurbi mai girmansa. A gwajin hannu nan ake yawan faɗuwa.

A ce an samu tayil mai santimita 40 kowane gefe, an ɗaura alli a zare, an zana da'ira mai santimita 20 daga tsakiya, an ɗebo gero ko dawa a tafin hannu. Mai watsawa, ko bai yi niyya ba, tsakiya yake auna wa, don ba ya son ƙwayoyin su zube waje. Sai tsakiya ta cika, lunguna su zauna fayau. Alhali lungunan nan huɗu su ne fiye da kashi 21 cikin 100 na filin. In aka ƙirga ƙwaya 200 aka ga 185 a ciki, amsa ta zama 3.7. Duk lokacin da gwajin hannu ya ba da amsar da ta haura sosai haka, fara zargin hannun mai watsawa.

Gyaran shi ne a daina tausayin ƙwayar da ta fita. A zaɓi tayil ɗaya a tsakiyar ɗaki, a watsa geron daga sama a kan fili mai faɗi da ya ninka tayil ɗin sau da yawa, kamar yayyafi, sannan a ƙirga waɗanda suka faɗa kan tayil ɗin kaɗai. Na waje ba sa cikin lissafi, ba a cikin na ciki ba, ba a cikin jimilla ba. Kada a share su a mayar ciki da hannu. Ƙwayar da ta hau kan layin alli kuma, a yanke mata hukunci tun kafin a fara: inda tsakiyarta take, nan take.

Zanen ma yana da nasa. Idan zaren ya gaza da santimita ɗaya, ya zama 19 maimakon 20, ko an watsa daidai amsar za ta tsaya wajen 2.84, domin tazarar ninka ta ake yi da kanta. A tabbata da'irar ta taɓa gefuna huɗun kafin a zuba ko ƙwaya ɗaya.

A kan kwamfuta

A nan an fi amfani da rubu'in da'ira: x da y, lambobi biyun da suke nuna wurin ɗigo, kowanne tsakanin 0 da 1, ɗigo yana ciki idan x² + y² bai wuce 1 ba. Kason bai canja ba, π/4 ne. Ga shi a Python:

```python
import random
n = 10000
ciki = 0
for _ in range(n):
    x = random.random()
    y = random.random()
    if x*x + y*y <= 1:
        ciki += 1
print(4 * ciki / n)
```

Idan amsarka tana yawo a wajen 2.83, lamba ɗaya ka ba wa x da y. Yana faruwa a Excel idan aka sa `=RAND()` a `A1`, sannan a `B1` aka rubuta `=A1` ko aka yi gwajin da `A1` sau biyu. Ɗigogin duk sun jeru kan layin da ya ratsa daga lungu zuwa lungu. Sharaɗin ya koma x kada ya wuce 0.7071, kuma 4 sau 0.7071 shi ne 2.83. Kowane ɗigo yana bukatar lambobi biyu, kowacce da kiranta daban: `=RAND()` a `A1`, wani `=RAND()` a `B1`, sai `=IF(A1^2+B1^2<=1,1,0)` a `C1`.

Idan kuwa tana yawo a wajen 3.0, duba ko `random.randint(0, 1)` ka rubuta. Wannan 0 ko 1 kaɗai yake bayarwa, saboda haka ɗigoginka ba sa faɗawa ko'ina sai kan kusurwoyi huɗu, uku daga ciki kuma sun cika sharaɗin. Wannan kuskuren ya fi ba ni tsoro, don 3.0 ta yi kusa da gaskiya har ɗalibi ya ce ai da ƙarin ɗigo za ta ƙarasa. Ba za ta ƙarasa ba. A ɗigo miliyan ɗaya ma sai dai ta ƙara kafewa a kan 3.

Amsar 4 cif tana da uwaye biyu. Na farko, wanda ya sa tsakiyar da'irarsa a (0.5, 0.5), r ta zama 0.5, sai ya gwada `(x-0.5)**2 + (y-0.5)**2 <= 0.5`. Ya manta ninka r da kanta: 0.25 ya kamata. Da 0.5 da'irar ta kumbura har ta haɗiye murabba'in gaba ɗaya, kowane ɗigo ya zama na ciki. Masu amfani da r = 1 ba sa ganin wannan tarkon, tunda 1 sau 1 dai 1 ne, sai ranar da suka canja girman. Na biyu, wanda ya sa `random.seed(1)`, umarnin da yake tsayar da inda lambobin barkatai za su fara, a cikin `for` maimakon sama da shi. Ɗigo ɗaya yake ta maimaitawa sau dubu goma, amsa kuma ko dai 4 ko 0.

Masu C da Java suna da ƙarin nasu: `4 * (ciki / n)` yana ba da 0 idan dukansu `int` ne, `4 * ciki / n` kuma ya ba da 3 ba ko ɗigon saura. A rubuta `4.0 * ciki / n`.

Kafin ka amince da kowace amsa, zana ɗigogin ka gani da idonka. A Excel, zaɓi ginshiƙan `A` da `B`, ka saka zanen `Scatter`. Ɗigo 500 sun isa. Idan sun cika murabba'in har lunguna, lambobinka lafiya suke, sai ka koma kan sharaɗin da'irar da rabawar ƙarshe. Idan ka ga layi a karkace, x da y ɗaya ne. Idan ɗigo huɗu ka gani, `randint` ne ko `RANDBETWEEN(0,1)`, idan kuma ɗaya tak, sauko da idonka kan `seed`, ka fitar da shi daga cikin `for`.