Kada sikelin awon jiki ya ruɗe ku

'Yan uwa, kilo 1 ko 2 da ke hawa da sauka kullum yawanci ruwa ne, ba kitse ba. Lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1 ne. Idan kuka ci tuwo da miya mai gishiri da daddare, jiki zai riƙe ruwa, ga abincin bai gama fita daga ciki ba. Mata ma nauyi yakan ƙaru gab da al'ada. Gumin zafin Kaduna kuwa yakan rage shi na wucin gadi.

Ku riƙa hawa da safe bayan kun zaga, kafin karin kumallo, sikelin yana kan siminti ba kan darduma ba. Ku haɗa awon kwana 7 ku raba gida 7. In makon jiya 72.4 ne, wannan 72.0, to kun ragu da gram 400.