Darasi na 7: Awon bota da margarin, da dunƙule ko da cokali

Takardar girki ta ce a sa bota giram 150 a gato, ku kuma ba ku da sikeli a gida. Ba sai kun fasa ba. Wuƙa da cokali sun isa.

Ku ɗauki dunƙulen bota, ku juya takardar da aka naɗe shi da ita, ku nemi lamba mai harafin g a gefenta. Wannan g ɗin yana nufin giram. A manyan kantunan Yamai za ku ga mai 250 g, za ku ga mai 200 g, kuma a ido kusan girmansu ɗaya. Ku sa yatsa a kan lambar, ku karanta ta da ƙarfi kafin ku taɓa wuƙa.

In an rubuta 250 g, ku zana layi huɗu a bisansa da bakin wuƙa, ya rabu gida biyar daidai da juna. Layi huɗu ne ke ba da gida biyar, ku ƙirga ku gani. Kowane gida giram 50 ne, gida uku kenan giram 150. In kuwa 200 g ne, a raba shi biyu, a sake raba kowane rabi biyu. Gida huɗu kenan, kowane giram 50, nan ma uku za a ɗauka. A yi yankan bota na da sanyi. Da zafin watan Afrilu, in ya daɗe a waje sai ya narke ya bi wuƙa.

Margarin na gwangwani ko na roba ba ya yankuwa, sai da cokali. A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali.

Babban cokalin awo yana ɗaukar mililita 15. In aka cika shi da bota ko margarin daidai bakinsa, wajen giram 14 ne. Cokali 7 kenan giram 100, uku da rabi giram 50. Gatonmu mai giram 150 zai ci cokali goma da rabi.

Amma fa sai an shafe bakin cokalin. Ku ɗebo, ku danna da bayan wuƙa har ya cika ƙasan cokali ba rami a ciki. Sannan ku kwantar da wuƙar a kan bakin cokali, ku ja ta daga wajen mariƙi zuwa gaba, tudun da ke sama ya faɗa cikin gwangwani. Ku ɗaga cokalin daidai idonku. In kun ga tudu, ba ku shafe ba, ku sake. Babu kunya a sakewa, hannu yana sabawa.

Cokali mai tozo yana iya ɗaukar ninkin shafaffe. Wadda ta zuba goma da rabi masu tozo ta kai wajen giram 300 ba ta sani ba. Gaton zai fito da nauyi, tsakiyarsa ta lotsa, mai ya jiƙe ƙasan tire, in an taɓa shi yatsa ya yi ƙyalli. Sai a ɗora wa yis ko gawayi laifi, alhali cokali ne. Ku ɗebo, ku danna, ku shafe, ku duba, ku juye. Cokali na bakwai ma a shafe shi kamar na farko, don a nan gajiya ke sa a fara ɗibar ido. An sha faɗa a aji, amma har yanzu akwai mai cewa ita hannunta ya san awo. Ƴar uwa, ki shafe dai. Kuɗin ƙwai da sukari naki ne.

Cokulan gida ma ba girmansu ɗaya ba. Ku samu ɗan kofin da ke zuwa da maganin ruwa na yara, ku wanke shi, ku zuba ruwa zuwa layin 15 ml, ku juye a cokalinku. In ya cika daidai baki, ku ware shi don awo.

A takardar Faransanci, c. à s. babban cokali ne, c. à c. kuma ƙaramin cokalin shayi, mai wajen giram 5. Uku nasa ne babba ɗaya.

In takarda ta ba da cokali ku kuma dunƙule gare ku, ku juya lissafin: cokali 7 shi ne gida biyu na giram 50.

Man shanu soyayye daban ne, an ƙone ruwan da ke cikinsa, wannan awo ba nasa ba ne.

Aikin gida: takarda ta ce giram 200. Gida nawa za ku yanka daga dunƙule mai 250 g? Cokali nawa shafaffe? Ku zo da cokalinku da wuƙa ranar aji mai zuwa.