Yadda ake biyan kuɗin mai kawo kaya a kamfani ba tare da an yi kuskure ba

Jama'a sun dame ni da tambayar nan a wasap, to ga yadda muke yi a ofishinmu. Misali mai kawo siminti ya turo inbois, wato takardar neman a biya shi, na naira dubu 800.

1. Mai karɓar takardu ya shigar da lambar inbois a rajista tare da ranar da ta iso.
2. Mai sito ya ƙirga buhunan ya sa hannu a takardar karɓar kaya.
3. Akawu ya haɗa takardu uku, ta oda, ta karɓar kaya da inbois. In an yi odar buhu 100 amma 90 suka shigo, a dakata.
4. A duba iyakar kuɗin da shugaba zai iya amincewa a biya, a wurinmu manaja bai wuce dubu 500, don haka wannan sai darakta.

Hattara! Nan ake raba inbois gida biyu, dubu 400 dubu 400, don a kauce wa darakta. In ka ga biyu daga mutum ɗaya rana ɗaya, haɗa su.

5. Wani daban, ba wanda ya amince ba, shi zai shirya biyan.
6. In an canza lambar asusu, kira mai kayan ta tsohuwar lambar wayarsa. Mun taɓa tura kuɗi asusun ɗan damfara saboda imel kawai, har yau abin na min ciwo wallahi.
7. A buga hatimin an biya, kar a biya sau biyu.
8. A rubuta wa ya yi me da yaushe, kuskure kuma a ja masa layi a sa hannu, banda gogewa.