Darasi na Tara: Tayin Waya Daban, Tayin Kwamfuta Daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gwanjo ya san yadda ake yi: wannan ya taya, wancan ya ƙara. Tallan Google Ads ma gwanjo ne. Idan wani ya rubuta "batirin sola a Kaduna", masu talla ne ke takara a kan wanda zai fito masa, ana duba tayin kowa da ingancin tallansa. Tayinka shi ne iyakar kuɗin da ka yarda ka biya idan an latsa tallanka sau ɗaya. A riƙe wannan da kyau: kuɗin latsawa kake biya. Ko shafinka ya buɗe ko bai buɗe ba, an cire.

A darasin yau za mu bi wani mai shagon kayan sola a titin Ahmadu Bello. Misali ne na koyarwa, kuma na zaɓi lambobi masu sauƙin rabawa. A ce tayinsa naira 100 ne, kuma kusan haka ake cire masa kowace latsawa. Bayan wata ɗaya ya buɗe shafin `Devices`, inda ake raba sakamako gida uku: `Mobile phones`, `Computers` da `Tablets`. Masu waya sun latsa sau 900, mutum 18 suka cike fom na oda. Masu kwamfuta sun latsa sau 300, mutum 12 suka cike.

Ku ɗauko biro. A waya ya kashe naira 90,000, raba 18, kowane mai oda ya zo masa a kan naira 5,000. A kwamfuta ya kashe naira 30,000, raba 12, naira 2,500 ke nan. Kaya ɗaya, talla ɗaya, amma mai waya ya ninka tsada.

Me ya jawo?

Kada a yi saurin cewa masu waya ba masu saye ba ne. Na zauna kusa da wani ɗalibina a Rigasa, da yamma, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau layi. Ya latsa wani talla, allon wayar ya yi fari fat, ɗan layin nan na sama ya tafi rabi ya tsaya. Alamar `4G` ta koma `H`, can kuma ta koma `E`. Ya jira kaɗan, ya yi tsaki ya ce, "Malam, wannan zai cinye mini data," ya danna baya. Bai ga ko hoto ɗaya ba, amma mai tallan ya biya. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san guminsa ne ya tafi a banza, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba.

Lissafin ba shi da wuya. Shafin mai sola cike yake da manyan hotuna, nauyinsa megabait 4. Kowane megabait ɗaya megabit 8 ne, saboda haka megabit 32 ke nan. Idan sabis yana kawo megabit ɗaya a daƙiƙa, sai an jira daƙiƙa 32. Idan waya ta faɗa `E`, maganar mintuna ake yi. A 2016 Google ya fitar da bincike cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna juyawa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Ga uku, ga talatin da biyu. Wanda ma ya daure shafin ya buɗe, sauran fom mai gurabe takwas a ƙaramin allo, kuma idan sabis ya yanke yana cikin turawa, da wuya ya sake farawa.

Akwai hanyar gane ko wannan ce cutarka. Idan ka haɗa shafinka da Google Analytics, kwatanta `Clicks` na waya da `Sessions` da suka zo daga tallan. Ɗan bambanci ba komai ba ne. Amma idan 900 suka latsa, 550 kaɗai suka bayyana, to da yawa sun juya kafin shafin ya ƙirga su. Sai kuma gwajin da ya fi kowanne: kashe Wi-Fi na shago, ka ari ƙaramar waya, ka buɗe shafinka a Kawo ko Kakuri da datar da aka saya, kana kallon agogo.

Gyaran tayi

A shafin `Devices` akwai gurbin `Bid adj.` a gaban kowace na'ura. Ka zaɓi `Decrease` ko `Increase`, ka sa kashi. Ana iya ragewa har kashi 90, ana iya ƙarawa har kashi 900, idan kuma ka rage kashi 100, ka rufe wa na'urar ƙofa gaba ɗaya.

Nawa mai sola zai rage? A waya mutum 2 cikin ɗari ke yin oda, a kwamfuta mutum 4. Latsawar waya rabin darajar ta kwamfuta take da ita, don haka ya rage kashi 50, tayin waya ya koma naira 50. Ni dai shawarata ya fara da kashi 25 ko 30, ya bar shi mako biyu ya gani. Dalili kuwa, ragin tayi yana sauko da talla ƙasa, kuma 18 daga cikin masu odarsa 30 ta waya suka zo. Wanda ya fusata ya sa kashi 100, ya kori fiye da rabin cinikinsa da hannunsa.

Kafin ya taɓa komai ma, ya tambayi kansa ko ana ƙirga duk cinikin. Mutanenmu sun fi son kira. Mutum ya ga lamba a shafi, ya kira, ko ya yi magana ta WhatsApp, ko ya hau keke-napep ya zo shago ya taɓa batirin da hannunsa. Idan fom kaɗai ake ƙirgawa a `Conversions`, an zalunci waya a lissafi. A riƙa tambayar mai kira, "Alhaji, a ina ka ga lambarmu?" a rubuta a littafi.

Sai a duba tsarin tayin da ake kai. Gyaran nan yana aiki yadda muka lissafa a `Manual CPC`, wato tsarin da kai ne ke sa tayinka da hannunka. A tsare-tsaren da Google ke yanke tayi da kansa, irin `Maximize conversions`, ba ya bin kashin da ka sa, sai dai kashi 100 na rufewa. A `Target CPA` kuwa, abin da kashin ke canjawa shi ne kuɗin da ka ce za ka iya biya kan kowane mai oda. Haka nan idan ka riga ka yi gyara na yanki, ninka su ake yi: ragin kashi 50 na waya da ƙarin kashi 20 na Kaduna a kan naira 100 ya zama naira 60.

Iyakar wannan gyara ita ce bai san mai `4G` mai ƙarfi a Unguwar Rimi da mai `E` a bayan gari ba. Duk masu waya ne a wurinsa, duk ya rage musu. Shi ya sa nake matsa wa ɗalibaina su gyara shafin. A matse hotuna, a cire bidiyon da ke tashi da kansa, a mayar da fom suna da lambar waya kawai, a sa maɓallin kira a sama. Idan shafin mai sola ya sauko zuwa rabin megabait, jiran daƙiƙa 32 ya koma 4 a sabis ɗin nan dai. Daga nan sai ya jira wata guda, ya sake lissafi, ya sassauta ragin idan waya ta farfaɗo.

Aikin gida

Wata mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci tana taya naira 80. A waya mutum 3 cikin ɗari ke yin oda, a kwamfuta mutum 4. Kashi nawa za ta rage wa waya, kuma nawa tayin zai koma? Sannan kowa ya buɗe shafin kasuwancinsa da datar wayarsa bayan sallar magariba, ya rubuto mana daƙiƙa nawa ya ɗauka.