Darasi na Shida: Na Biya Bashi, Amma Sunana Bai Fita Ba

Saƙo ya shigo wayarka daga manhajar bashi. A ciki ka ga kalmar Blacklisted, wato sun ce an sa ka cikin baƙin littafi. Kwantar da hankalinka. Manhajar bashi ba ta da ikon rufe maka BVN. Abin da take iya yi shi ne ta kai sunanka wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi. Su uku ne a Nijeriya: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Za a tambaye ka BVN, lamba goma sha ɗaya ce. In ka manta ta, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi.

A ce wata mai sayar da tumatir a kasuwar Farin Gada ta ci bashin naira 20,000, ta biya 24,000 har da ruwa. Ta buɗe rahotonta. Ta sa yatsa a kan sunan kamfanin da ya ba ta bashin, ta bi layin a hankali zuwa dama. Ta ga Outstanding Balance, ma'anarsa kuɗin da ake bin ta: 24,000. Ta ga Non-performing, ma'anarsa ba ta biya. Da an rubuta daidai, sifili za ta gani a wurin kuɗin.

To, da me za ta kare kanta? Da rasit. Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka mu tsaya. Duk ranar da ka biya, ɗauki hoton rasit a take. Duba ka ga kwanan wata, da adadin kuɗin, da doguwar lambar shaidar biya sun fito sarai. In a wurin mai POS ka biya, ɗauki hoton takardar, domin rubutunta yana gogewa. Yi yanzu da kowane rasit da ke wayarka. Ka iya? Madalla, sake yi.

Haba jama'a, kullum sai na faɗa, kullum sai wani ya ce wayarsa ta cika ya share! Share hotunan biki, bar rasit. "Wallahi na biya" ba ya gyara rahoto. Kuma kada ka goge manhajar kafin ka kwashe shaidarka.

Da rasit a hannu, ta rubuta wa kamfanin bashin, domin shi ya aika da bayanin. Ta nemi takardar shaidar cewa ba a bin ta komai, kuma su gyara rahoton. Sannan ta kai koke wurin kamfanin da ya ba ta rahoton, ta haɗa hoton rasit da takardar. Ta duba sauran biyun ma.

In sun yi shiru ko suna zagi, ta kai ƙara FCCPC, hukumar gwamnatin tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya. Wanda ya ce a ba shi kuɗi ya goge suna, ɗan damfara ne.

Aikin gida: kawo hoton rasit ɗaya, ka nuna kwanan wata da adadin kuɗi.